Dusar da Ba Ta Katako Ba

A garinmu babu wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Mai Tsinke ake ce masa, saboda tsinken da yake sokewa a bayan kunnensa na dama tun daga ruwan shuka har masara ta yi goyo. Dogo ne, siriri, wuyansa ya ɗan ranƙwafa don yawan leƙa amfanin gona. Idan yana tafiya a tsakanin kunyoyi sai ka ce balbela ce ke kiwo.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Ubansu ya riƙe shi a gona, ƙaninsa kuma, wanda shi ne auta, aka kai shi birni koyon aikin katako. Mai Tsinke bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, “An tura ɗaya inuwa, an bar ɗaya a rana.” Sai ya yi dariya, dariyar da ba ta wuce haƙora.

Sunan ya samo shi ne a shekarar da baƙuwar tsutsa ta shigo gonaki. Kafin nan manoma sun san fara, sun san tsutsar kara, sun san abin da ƙanƙara ke yi wa ganye. Wannan kuwa ba su san ta ba. Malamin gona ya tara mutane a bakin wata gona ya yi bayani, rabinsu suna hamma, rabi suna tambayar yaushe za a raba taki. Mai Tsinke kaɗai ya durƙusa ya duba. Ya koyi cewa wata irin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare take saka ƙwai a dunƙule a jikin ganye, ta rufe su da wani gashi-gashi mai ruwan toka. Kwana biyu ko uku su ƙyanƙyashe. ’Yan tsutsotsin ba su da bakin huda ganye tukuna, sai su kankare koren, su bar wata fata siririya da haske ke ratsawa, kamar gilashin ƙaramar taga. Daga nan su gangara cikin mazurarin masarar, wato can tsakiya inda sababbin ganye suke a naɗe, su ɓuya, su yi ta ci. Idan suka girma, ganye ya warware ya fito da ramuka a yayyage, mazurarin kuma ya cika da kashinsu mai kama da dusar katako.

Da tsinken nan yake buɗe mazurari a hankali, ba tare da ya karya ganye ba. Shekara da shekaru duk wanda masararsa ta canza fuska, ƙofar gidan Mai Tsinke yake zuwa. Ba ya karɓar komai. Ladansa shi ne a tsaya a bayansa a yi shiru, ya leƙa, ya miƙe, ya faɗi abin da ya gani, a gyaɗa kai. Bai yi gidan bene ba, bai je birni ba sai sau uku. Amma yana da ido, kuma gari ya san da haka.

Sai ƙanin nasa, wanda ake kira Kafinta, ya dawo.

Ya dawo bayan shekara talatin, da tumbi, da tabarau, da yatsu tara da rabi, domin zarto ya ci rabin ɗaya. Haya ta yi tsada a birni, masu injin yankan katako sun kwashe aikin, ƙirjinsa kuma ya gaji da ƙura. Ya nemi rabonsa na gonar ubansu, wanda Mai Tsinke ya noma duk tsawon shekarun nan. Aka ja igiya, aka dasa duwatsu a iyaka. Mai Tsinke ya riƙe bakin igiyar da hannunsa. Rabon da ya faɗa wa Kafinta shi ne na gabas, mai itacen ɗorawa a kusurwa, inda ubansu yakan zauna ya sha ruwa.

“Damina ɗaya zan gwada, Yaya,” in ji Kafinta ranar. “In ta karɓe ni, na zauna. In ta ƙi, in sayar in koma. Akwai mai gidan bulo da yake ta bibiyata, yana son wurin.”

“Gonar Baba za a buga bulo a kai?”

“Ai shi ya sa na ce in ta ƙi.”

Mai Tsinke ya tabbata za ta ƙi. Mutumin da yake riƙe fartanya kamar guduma, yake auna tazarar shuka da tef ɗin awo, ina shi ina masara? Har ya tanadi kalmomin ta’aziyyar da zai yi masa da kaka, masu taushi a sama, da ɗan ƙaya a ƙasa.

Abin da bai lissafa ba shi ne kaji. Shekaru Kafinta yana ba wani mai gidan kaji dusar katako don shimfiɗa. Da mutumin ya ji abokinsa ya koma gona, sai ya aiko masa da mota guda ta tsohuwar shimfiɗar, wadda ta sha kashin kaji ta ruɓe ta yi baƙi. Kafinta ya watsa ta tun da rani. Da ruwan farko ya sauka ya yi shuka, ya riga yayansa da kwana goma. Masarar ta tsiro layi-layi kamar an ja ta da zare. Koren nata har duhu yake yi. Idan iska ta bi ta kanta da safe, sai ta yi wani irin sheƙi da Mai Tsinke bai taɓa gani a wannan ƙasar ba, ƙasar da ya ba wa ƙuruciyarsa.

Masu wucewa suka fara tsayawa. Kan hanya gonakin biyu suke, dole sai an bi ta Mai Tsinke kafin a kai ta Kafinta. Sai ya ga ana yi masa sannu a gurguje, ana ƙara sauri.

“Maigida, ka ga masarar Auta kuwa?” in ji matarsa wata rana, tana tankaɗe a tsakar gida.

“Ina da ido.”

“To, na ga kamar kwana biyun nan ka fi kallon yamma.”

“Takin kaji ne. Ko kan dutse ka zuba shi sai ya yi kore.”

“Ai kuwa da ka roƙe shi buhu biyu.”

Ya dube ta. Shekara arba’in suna tare, ta san inda ƙurjin yake, kuma ba ta jin tsoron taɓa shi.

“An ce hassada ga mai rabo taki ce,” ta ƙara, ba ta ɗago ba. “Ka rage zuba masa, ya ishe shi haka.”

Sannan malamin gona ya zo a kan babur ɗinsa. Wani saurayi ne sabo, ba wanda ya koya wa Mai Tsinke ba, ƙauyuka goma sha biyu ne a wuyansa, sai bayan mako biyu ake ganinsa. Ya zaga gonar Kafinta yana jinjina kai, ya kafa allo a bakinta, ya ce nan za a tara manoman yankin ranar da zai dawo, su ga yadda ake tazara da taki. Ya juya ga Mai Tsinke da ladabi.

“Baba, kai ma ka zo ranar. Za ka ƙaru.”

Za ka ƙaru. Mai Tsinke ya tafi gida yana ta maimaita kalmomin nan a ransa.

Kafinta kuwa murna ta hana shi zama. Ya ce baƙi ba za su tsaya a rana ba. Ya kwaso katako da zarto, ya kafa teburin aiki a ƙarƙashin ɗorawa, ya shiga haɗa bencina. Tun daga ranar, ƙarar zarto ce ke tashi daga kusurwar gabas daga hantsi zuwa la’asar, iska tana ɗaukar dusa tana watsawa a kan kunyoyin kusa.

A makon ne ruwa ya ɗauke. Mai Tsinke ya san ma’anar hakan. Ruwa mai ƙarfi yakan wanke ƙananan tsutsotsi daga ganye, yakan nutsar da wasu a mazurari. Idan sama ta yi shiru, su ke da gari.

Ranar Talata da sassafe yana bin iyaka, raɓa tana jiƙa masa wando, sai rana ta fito ta bayan masarar ƙaninsa. Hasken ya ratso ganyen. A nan ya gan su, ’yan tagogi farare, wasu kamar ƙwayar gero, wasu dogaye kamar an ja farce. Ya tsallaka dutsen iyaka da ƙafa ɗaya. Ya zaro tsinke ya buɗe mazurari. Ga ɗan gari-gari a ciki, ga ’yan tsutsotsi uku masu baƙin kai, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya duba tushe goma a jere, huɗu sun kamu. Tun biyu cikin goma ake tashi tsaye.

Ya san abin da ya kamata. A wannan girman, feshi ɗaya da yamma a cikin mazurari ya isa, ko ma toka da yashi da hannu. Ya kuma san nan da mako guda za su yi kaurin yatsa, su shige can ƙasa, su toshe bakin mazurarin da kashinsu, magani ya riƙa tsayawa a sama.

Ya ɗaga kai ya hango allon malamin gona. Ya mai da tsinken bayan kunne, ya janye ƙafarsa zuwa nasa ɓangaren.

Bai ce a ransa zai cuci kowa ba. Cewa ya yi, ba a tambaye ni ba. Ai yana da malamin gona. Ai yana da tef. Ya koma gida ya ɗebi toka a murhu, ya haɗa da yashi mai laushi a tsohon kwano, ya bi ’yar masararsa tushe-tushe yana zuba ɗan tsunkule a kowane mazurari, yana juya ganye yana murtsuke duk dunƙulen ƙwan da ya gani. Ya fara da layukan da ke bakin iyaka.

Ranar Alhamis Kafinta ya ƙwala masa kira daga ƙarƙashin ɗorawa. Ya zo yana kakkaɓe riga, dusa a girarsa, dusa a gashin hannunsa.

“Yaya, zo ka ga ikon Allah. Dusata har cikin masara take shiga. Dubi nan.” Ya tanƙwaro wani tushe. “Ba za ta yi mata illa ba dai ko?”

Mai Tsinke ya leƙa. Kashin ya ƙaru, tagogin sun faɗaɗa, gefen wani sabon ganye ya fara ɓulewa. Tsinken yana bayan kunnensa, yana jin sanyinsa a fata.

“Kai ne kafinta,” ya ce. “Kai ka san dusa.”

“Haka ne kuma. Waɗannan ’yan hujojin fa?”

“Gona ba ta rasa mai ci.”

“Fara ce ke nan,” in ji Kafinta, ya yi dariya, ya koma ga zartonsa.

Mai Tsinke bai yi ƙarya ba. Ya auna maganarsa ya sake aunawa a hanyar gida, bai sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Amma ranar abinci bai yi masa daɗi ba. Ya ce gishiri ya yi yawa, matarsa ta ce ba ta ma sa ba tukuna.

Juma’a ta wuce, Asabar ta wuce. Kullum da safe yakan tsaya a iyaka ya duba, kamar mai zuwa gaida marar lafiyar da ba ya so ya warke, ba ya kuma so ya mutu. Sababbin ganye suna warwarewa a yayyage, kamar tsumman da ɓera ya ci. Daga hanya ba a gani sosai, kore yana nan. Masu wucewa suna ta yabo. Wani lokaci daɗi yakan taso masa, ɗan ƙarami, mai ɗumi. Sai ya tuna mai gidan bulo, ya ga ɗorawar ubansu a kwance, ya ga injin bulo yana tari a inda uwarsu ta taɓa shuka kuɓewa. Sai ya ce gobe zan faɗa masa. Gobe ta yi, ya ji ƙarar guduma da waƙar da Kafinta ke yi a kan aikinsa, ya ce jibi.

Ranar Talata da ta zagayo, bayan la’asar, yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, Kafinta ya yi sallama. Bai tsaya tsokanar matar yayansa ba, abin da bai taɓa fashi ba. Ita ce ma ta leƙo.

“Mijin wahala, yau ba gaisuwa? Ko bencinan sun fi ni?”

“Ina zuwa, Yaya,” ya ce mata, ya durƙusa a gaban Mai Tsinke ya buɗe tafin hannunsa.

Abin yana nan a dunƙule, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore, da danshi.

“Shekara talatin ina shaƙar dusa,” in ji Kafinta. “Madaci nake yanka tun makon jiya. Dusar madaci ja ce, a bushe take, in ka sa a harshe da ɗaci. Wannan a jiƙe take, warin ɗanyen ganye take yi. Tun Asabar na gama yanka, ƙusa kawai nake bugawa, amma ita ƙaruwa take. Har can ƙarshen gona na same ta, inda iska ba ta kai wa.” Ya sa ɗaya hannun a aljihu ya fito da ganye a naɗe, ya warware. “Na tona na sami wannan.”

Tsutsa ce mai kaurin ƙaramin yatsa, ruwan ƙasa, da layi-layi a jikinta. Ta naɗe kanta. Mai Tsinke bai buƙaci tsinke ba, amma hannunsa ya zaro shi da kansa. Ya juya ta.

“Dubi goshinta,” ya ce, muryarsa ta koma irin wadda yake yi a gonakin mutane. “Ka ga farar alama kamar gwafa a kife? Dubi kusa da wutsiya, ɗigo huɗu baƙaƙe, sun yi kusurwa huɗu. Ita ce. Tsutsar kara hujojinta ƙanana ne a jere, kamar an bi da allura, ba ta tara kashi haka. Fara daga gefen ganye take ci, ba ta barin komai a mazurari. Wannan ta kai kwana goma da ƙyanƙyashewa.”

“Kwana goma.”

“Ko fiye.”

Kafinta ya cire tabarau ya goge a gefen riga. Idanunsa ba tabarau ƙanana ne, irin na uwarsu.

“Da zan taho na bi ta gonarka, Yaya. Na leƙa taka in ga ko ita ma ta kamu. Kowane tushe da toka a ciki. Tokar har ta dunƙule da raɓa, ba ta yau ba ce.”

A tsakar gida ƙarar tankaɗe ta tsaya.

Mai Tsinke yana da amsoshi da yawa, ya tanade su tun mako guda. Ba ka tambaye ni ba. Na ɗauka malaminka ya gaya maka. Ya duba cikinsu bai sami wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta ba.

“Na gani tun waccan Talatar,” ya ce.

“Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa.” Kafinta ya mai da tabarau. “Ta mutu ke nan?”

“Masara ba ta mutuwa don ganye. In tsutsa ba ta kai ga zuciyar ba, can ƙasan mazurari inda sabon ganye ke fitowa, za ta sake tohowa. Wadda aka cinye wa zuciya ta tafi.”

“To me za a yi?”

Ba a taɓa yi wa Mai Tsinke wannan tambayar ya ji nauyinta haka ba. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

“Uwar yara,” ya kira, “a tara min tokar gidan nan duka, da ta maƙwabta.”

“Tun ɗazu na fara,” in ji ta daga ciki.

Suka isa gona rana tana ja. Mai Tsinke ya shiga gaba, ya yi tafiyarsa ta kullum, ba a miƙe ba, a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya tsaya wuri biyar, kowane wuri tushe goma. Bakwai cikin goma, takwas, shida. Ya nuna wa ƙaninsa yadda ake buɗe mazurari, a kawar da kashin da ya toshe, a zaro tsutsar a murtsuke. “Manyan ba sa zama da yawa wuri ɗaya,” ya ce. “Ɗaya za ka samu, ko biyu. Cinye junansu suke yi.”

“’Yan gida ɗaya?” in ji Kafinta.

Mai Tsinke ya matsa tushe na gaba.

Kwana huɗu suka yi a kai, su biyu da matansu, da sanyin safiya da kuma yamma, lokacin da tsutsar ke fitowa ci. Inda suka zare, su zuba toka da yashi. Mai Tsinke ya ari injin feshi, ya sa Kafinta ya sayo maganin da malamin gona na farko ya taɓa rubuta masa, ya auna daidai yadda aka ce a jikin kwalbar, ya ɗaure hanci da baki, ya hana matan shiga ranar. Bai yi feshi sama-sama ba, bakin injin yake saitawa cikin kowane mazurari. Da Kafinta ya ɗaga ƙafa zai tattake gidan tururuwa a bakin kunya, ya riƙe shi. “Bar su. Ma’aikatanka ne, ba ka biyansu. Su ke kwashe ƙananan.”

Ba su yi maganar zaure ba. Sau ɗaya kawai, suna hutawa a kan ɗaya daga cikin bencinan, Kafinta ya ce, “Ka san a birni kullum kai nake ba da labari? In ce ina da yaya, ganye yake kallo ya faɗa maka abin da ke damunsa. Ni da aka kore ni daga gona tun ina ɗan shekara goma sha biyu, don Baba ya ce hannuna ba na noma ba ne.”

“Korar ka aka yi? Inuwa aka kai ka.”

“Inuwa.” Ya ɗaga guntun yatsansa ya duba. “To.”

Ranar taron, malamin gona ya iso da manoma wajen arba’in, ya tarar da gonar da zai yi alfahari da ita a yayyage, da toka a ka kamar mai jinya. Fuskarsa ta faɗi. Kafinta ya zaunar da baƙi a kan bencina, ya ce tazara da taki za su jira, yau wani karatun za a yi. Ya ba da labarin dusarsa, yadda ya yi mako guda yana zargin zartonsa, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ya zagaya da kashin tsutsa a hannu ɗaya, dusar madaci a ɗaya, kowa ya taɓa, ya shinshina.

“Wa ya gano maka?” wani ya tambaya.

Mai Tsinke yana tsaye a baya, a jikin ɗorawa.

“Yayana,” in ji Kafinta. “Ga shi can. Zo ka nuna musu tagogin, Yaya, ni ban iya ba.”

Ya fito ya nuna. Ya ɗaga ganye a saitin rana, mutum arba’in suka yi shiru a bayansa, shirun da ya fi so a duniya. Ranar bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Auta ya riga shi shuka, ya fi shi kore, yanzu kuma ya fi shi faɗin zuciya.

Bayan kwana biyu ruwa ya dawo da ƙarfi. Sababbin ganye suka fito lafiyayyu, sai gurbi-gurbi a layuka inda zuciya ta mutu. Mai Tsinke ya gaya wa ƙaninsa kada ya saki jiki, waɗanda suka tsira sun shige ƙasa, nan da mako biyu za su fito da fiffike su sake saka ƙwai. Suka ci gaba da zagaye duk bayan kwana uku, gonakin biyu tare, har masara ta yi goyo.

Da kaka Kafinta ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya samu. Abin da ya rage ya cika masa rumbu, ya kuma fi na yayansa da buhu biyu. Mai gidan bulo ya zo ya koma babu ciniki.

“Buhu biyu,” in ji Mai Tsinke a tsakar gida. “Bayan tsutsa ta ci ta ƙoshi.”

“Ka gode Allah da ta ci,” in ji matarsa. “Da ba ta ci ba, da asibiti za mu kai ka.”

Shekaru sun ja tun daga nan. Idon Mai Tsinke ya fara hazo, sai ya ɗaga ganye kusa da hanci kafin ya ga taga. Mutane suna zuwa ƙofarsa har yanzu, amma wasu sukan zarce ƙofa ta gaba, domin an ce Kafinta da yatsa da hanci yake ganewa, ko sabon kashi ne ko tsoho, ko tsutsar tana ciki ko ta sauka. Duk wanda ya zarce, Mai Tsinke yana jin takunsa daga zaure, yakan kuma gane ko wane ne.

Tsinken da ke bayan kunnensa yanzu ba na kara ba ne. Na madaci ne, siriri, an goge shi ya yi santsi, bakinsa a ɗan faɗaɗe don kada ya huda ganye. Kafinta ne ya sassaƙa masa a daminar da ta biyo, ya ajiye masa a kan dutsen iyaka. Idan aka yaba tsinken, Mai Tsinke yakan zaro shi ya juya shi a hannu.

“Ya ɗan karkace,” yakan ce. “Aikin Auta ne.”

Sai ya mai da shi bayan kunne, ya nufi gona. Ta ƙaninsa yake fara dubawa, tun rana tana ƙasa, lokacin da haske ke ratsa ganye.